Tallan Tumatirin Yaya Lawan

Ni na jawo wa kaina. Da hannuna na ɗauki lambar Yaya Lawan na saka shi a guruf ɗinmu na WhatsApp, wanda muke saye da sayarwa a cikinsa, mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Daurawa, yawancinmu mata. Ni Husaina tela ce, ina da ɗan shago a cikin layi, bayan titin Zariya, kuma rabin masu kawo mini ɗinki a guruf ɗin nan na same su. Shi kuwa Yaya Lawan wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana can ƙauyenmu a bayan Kura yana noman rani a gonar da Baba ya bar mana. Na ce masa, "Yaya, ka yi tallan tumatirinka a nan, matan nan kullum cikin neman kayan miya suke."

Ina cikin yanka wani leshi wayata ta yi ƙara. Na duba, sai ga tallan Yaya:

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa ga iyayena da yayyena da ƙannena na wannan gida mai albarka, da fatan kowa ya tashi lafiya, ya iyali, ya aiki, ya haƙuri da zaman ƙasa. Allah ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya, amin. Bayan haka, ina sanar da jama'a cewa Allah cikin ikonsa ya ba mu ɗan abin da ya ba mu na tumatir a bana, mai kyau, ba yabon kai ba. Duk mai bukata sai ya neme ni mu daidaita, ba za mu ɓata ba in sha Allahu. Kaya yana nan. Na gode, na gode. Naku, Lawan."

Ya haɗa da hoto. A hoton akwai kekensa, akwai rabin babban yatsansa, sai can nesa wani abu ja-ja wanda in ba ka sani ba sai ka ce shanya ce.

Wata ta rubuta, "Nawa ne kwando?" Ya amsa, "Hajiya ki kira ni." Wata ta ce, "A ina kayan yake?" Ya ce, "Yana nan kusa." Wata ta kira, ta dawo ta ce lambar ba ta shiga. Yo ina za ta shiga, mutumin da sai ya hau kan gaɓar kanal ɗin ban ruwa yake samun sabis? Kafin azahar masu atamfa da masu turaren wuta sun binne tallan da hotunansu. Ko mutum ɗaya bai saya ba.

Ranar Laraba sai ga shi a ƙofar shagona da kwando ɗaya, ya sauke shi daga adaidaita yana haki. Ina ganin fuskarsa na san ba lafiya. Yaya Lawan mutum ne mai tsokana, ba ya shigowa bai ce mini "tela mai cinye yadin mutane" ba. Ran nan sallama kawai ya yi, ya zauna a benci, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce dillalan da ke lodi zuwa kudu sun janye motocinsu. Ranar Asabar za a yi zaɓe, ba wanda yake son motarsa ta kwana a hanya a irin wannan mako. Tumatir ya yi yawa a kasuwa, abin da ake tayawa ko kuɗin kwandon da na masu ɗiba ba zai fitar ba. Nasa kuma ya nuna, ba ya jiran kowa.

"Na gaji, Husaina," in ji shi. "Bara tsutsa, bana zaɓe. Alhaji Bello mai gonar gefenmu ya daɗe yana so in ba shi tamu jingina. Na ce masa in wannan ɗibar ta lalace, ya zo mu yi magana. In karɓi kuɗin in sayi adaidaita, in dawo birni kamar kowa."

Almakashin da ke hannuna na dangwarar da shi a tebur. "Gonar Baba? Yaya, gonar Baba za ka ba Alhaji Bello? Ka taɓa ganin gonar da ta shiga hannunsa ta fito?"

"To in ci ƙasa?"

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in fashe da kuka, amma ni in raina ya ɓaci masifa ce take fara fitowa. Na ce masa ai shi ya kashe kasuwarsa da kansa, an ce ya yi talla ya je ya yi huɗuba. Ya ce in iya bakina, shi ba sa'ana ba ne. Muna cikin haka labulen ciki ya motsa, Maman Ayo ta fito da rigar da take gwadawa a hannu. Na ma manta tana ciki.

Sunanta Omolola, amma ba mai kiran ta haka sai mijinta. Bayarabiya ce, haifaffiyar Kano, Hausarta har ta fi tawa gishiri. Girkin biki take yi a Tarauni, in ana suna ko ɗaurin aure ko taron cocinsu ita ake ba kwangilar abinci. Ta dubi kwandon, ta dubi Yaya.

"Au, kai ne Malam Lawan mai doguwar gaisuwa? Na ga tallanka. Ina neman tumatir ido rufe, na karanta har ƙarshe, na wuce."

Yaya ya gyara zama. "To ga kaya, Madam. Ki gani da idonki."

"Nawa ne?"

"Ki taya mana."

"Kwando nawa kake da shi?"

"Alhamdu lillahi, akwai."

"Wane iri ne? Zai yi kwana nawa bai ruɓe ba?"

"Ai kin gan shi, kamar a wanke a ci."

"Wa zai kawo mini?"

"Wannan ba zai gagara ba."

Maman Ayo ta juyo ta kalle ni, ta tafa hannu. "Kin ji ko? Tambaya huɗu, ban samu amsa ko ɗaya ba." Ta koma kansa. "Malam, ni tukunya ce a kan wuta, waya a hannun hagu, ludayi a dama. In na ga talla, kallo ɗaya nake yi masa. In ban ga kuɗi ba, ban ga yawa ba, na san sai na kira, mu gaisa, ka ce albarka, in ƙara, ka ce albarka. Kafin mu gama shinkafata ta kama. Gara in hau adaidaita in tafi kasuwar 'Yan Kaba."

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce in ba ta babban faranti da buhu. Na shimfiɗa buhu a ƙasa, ta kama kwandon ta karkata shi a hankali. Na saman suka gangaro, manya, jajaye, masu tauri. Na tsakiya suka biyo, matsakaita. Na ƙasan kuwa ƙanana ne, wasu sun fara laushi, biyu ma sun fashe.

Yaya ya sunkuyar da kai. Na ji masa kunya, na kuma ji haushin Maman Ayo, duk da na san gaskiyarta. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Haka ake jera kwando tun muna yara. A yi masa fuska. Mai saye ya sani, shi ya sa yake rage kuɗi. Ba ha'inci ba ne."

"Na sani, ban ce kai macuci ba ne," in ji ta. "Dillali ya san da haka. Amma matar da za ta saya daga waya ba ta ga ƙasan kwando ba, in ta juye a gida ta ga wannan, ba za ta sake kiran ka ba, kuma sai ta faɗa a guruf." Ta ɗauki ɗaya mai laushi ta jujjuya. "Wannan ni ina so. Markaɗe zan kai yau in tafasa, ya ma fi ba da kala. Amma ka gaya mini shi ne, ka sa masa kuɗinsa. Wancan mai taurin kuma na masu ajiyewa ne su riƙa ɗiba a hankali. Kaya biyu gare ka, ka cakuɗa su ka rasa masu sayen duka biyun."

Ta biya ni kuɗin ɗinki, ta ce in an gyara tallan ta gani, ta fita.

Na jawo kujera na zauna kusa da shi, na ce, "Yaya, kawo wayar."

Ba ƙaramin yaƙi muka sha ba. Da farko na ce kwando ba awo ba ne, akwai babba na lodin kudu, akwai ƙarami irin wannan, mace za ta ji "kwando" ta zaci babban ne. Muka mayar da tumatirin, muka kinkima zuwa shagon Oga Chukwuka mai kifin sanyi a bakin layi, ya ɗora mana a sikelinsa. Ya sa muka juye, ya auna kwandon shi kaɗai ya cire nauyinsa. Kilo ashirin da biyar ya rage, har da ɗan ɗoriya. Yaya yana ta mamaki, wai shekara da shekaru yana cika kwandon nan bai taɓa sanin nauyinsa ba.

Sai maganar yawa. Nan ya kafe. "Ba zan rubuta wa duniya abin da Allah ya ba ni ba. Akwai 'yan garinmu a birnin nan. A sa mini ido? Ko Baba bai taɓa faɗin abin da ya noma ba, ko Inna ce ta tambaye shi sai ya ce an gode Allah."

Wannan kam ban yi masa gardama ba, don ni ma haka na tashi na gani. Na ce, "To kar mu faɗi abin da ke gona. Mu faɗi abin da za ka ɗoro a mota ranar Juma'a kawai. Wanda ya ga mota ai zai iya ƙirgawa da kansa." Ya yi lissafi da ido a rufin shago, ya ce zai iya ɗibar kwando arba'in ranar Alhamis, ashirin da biyar manya, sha biyar ƙanana.

Farashi ya fi komai wahala. A wurin Yaya, mai kaya ba ya fara yanka kuɗi. In ka faɗa da yawa ka kori mutum, in ka faɗa kaɗan ka cuci kanka, kuma ciniki ba ja-in-ja ai ba daɗi, kamar ba a mutunta juna ba. Na ce masa, "Ni da na rubuta kuɗin ɗinki na manna a bango, mutuncina ya ragu?" Ya ce ai ni dama ba ni da kunya. Na ce na ji. Na kira wata ƙawata mai kayan miya a kasuwar Tarauni na tambaye ta yadda suke sayarwa a ranar. Shi kuma ya lissafa kuɗin masu ɗiba, da kwanduna, da motar da za ta kawo. Muka tsaya a tsakiya: ƙasa da na kasuwa yadda mace za ta ga sauƙi, sama da abin da dillali ke tayawa nesa ba kusa ba.

Gaisuwar ce ya ce ko sama da ƙasa za ta haɗe ba za a cire ba. Na bar masa sallama, layi ɗaya. Na fitar da tumatirin waje inda haske yake, na ware manya a faranti ɗaya, ƙanana a wani, na sa akwatin ashana a gefen kowanne don a gane girmansu, na ɗauki hoto biyu. Ga abin da muka tura:

Assalamu alaikum.
TUMATIR DAGA GONA, KURA
Iri: UTC. Ɗibar Alhamis da yamma.
Lamba ɗaya: manya, masu tauri, na ajiya. Kwando 25. ₦2,500 kowanne.
Lamba biyu: ƙanana da masu ɗan laushi, na markaɗe a ranar. Kwando 15. ₦1,500 kowanne.
Kowane kwando kilo 25 ne. Sama da ƙasa iri ɗaya. Ba ragi.
Ɗauka: Juma'a da safe, shagon Husaina Tela, Gyaɗi-Gyaɗi. Kyauta.
Kaiwa gida: Tarauni da Daurawa ₦200 a kwando, Hotoro ₦300.
Ki duba kayanki kafin ki biya.
Mai so ta rubuto wa Husaina a wannan lambar: suna, lamba ɗaya ko biyu, kwando nawa.
Lawan.

Lambata na sa, tunda tasa sai an hau gaɓar kanal. Ya karanta sau biyu yana motsa leɓe. Ya ce, "Kamar takardar asibiti. Ko ya iyali babu." Na ce, "Tura, Yaya." Ya yi bisimilla ya danna.

Ban gama zura zare a keke ba wayata ta fara kuka. Maman Ayo ce ta farko, shida lamba ɗaya, biyar lamba biyu, a kai mata Tarauni. Sai wata malamar makaranta, ita da maƙwabtanta biyu za su raba kwando. Sai mai abincin bakin asibiti. Kowa tana son ta cika gida da kayan miya kafin ranar zaɓe, don ba fita. Wata ta ce a rage mata ɗari biyu, na nuna mata inda aka ce ba ragi, ta ce to a ajiye mata biyu. Yaya yana zaune yana kallona ina amsawa, yana cewa, "Ikon Allah. Ba wadda ta ce a gaishe ni?" Kafin ya hau motar Kura da la'asar, lamba ɗaya ya ƙare tas, lamba biyu saura uku. Har ya ce mini tela mai cinye yadin mutane da zai tafi.

Na kwana da murna. Alhamis bayan la'asar sai ga kiransa, ina jin iska tana kaɗawa, na san yana kan gaɓa.

"Husaina, akwai matsala. Mun ɗiba, mun ware. Lamba ɗaya sha takwas ya tashi."

"Sha takwas kamar yaya? Ashirin da biyar ka ce!"

"Da idon da na saba na ƙiyasta. Na manta a da ƙanana ne suke cika mini ƙasan kwando. Yanzu da aka fitar da su, sai manyan suka kasa. Lamba biyu kuma ya haura ashirin."

Kaina ya yi zafi. Mata bakwai ko kusan haka, duk masu kawo mini ɗinki, na ce musu an ajiye musu. A cikinsu har da Hajiya Indo ta Daurawa, wadda in ta buɗe baki a guruf sai kowa ya kashe data. Na hango Alhaji Bello yana auna gonar Baba da ƙafa. Ban san sanda na ce, "Yaya, ka ɗebi masu dama-dama daga lamba biyu ka zuba a ƙasa, ka rufe da manya. Kaɗan-kaɗan a kowane kwando, wa zai lura? Na yau kawai."

Sai ya kira sunana.

"Ke Husaina."

"Na'am."

"Jiya mace ta juye mini kwando a gaban ƙanwata. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Da can ban yi wa kowa alkawari ba, kowa ya san yadda kwando yake. Yanzu kin sa na rubuta sama da ƙasa iri ɗaya, na sa sunana a ƙarshe. Ke kika rubuta, amma ni na tura. Ki koma ki gaya musu sha takwas ne."

"In suka fasa fa? In suka ce mu maƙaryata ne?"

"In sun fasa, sun fasa. Ki rubuta gajere, irin naki. Ban da huɗuba."

Ka ji mutum! Jiya-jiya na koya masa, yau ni yake yi wa gori. Na kashe wayar ina ƙunƙuni, na zauna na rubuta:

Gyara a kan tumatirin Lawan. Bayan an ware, lamba ɗaya kwando 18 ya samu, ba 25 ba. Kuskurenmu ne wajen ƙiyasi, a yi haƙuri. Za a bi layi yadda aka rubuto. Wadda bai kai kanta ba, ko ta karɓi lamba biyu gobe a ₦1,500, ko ta jira ɗibar Talata a ba ta lamba ɗaya a farashin yau, kaiwa gida kyauta. Lamba biyu akwai ƙarin kwando 7.

Na bi waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya na tura musu. Hajiya Indo ba ta ba ni kunya ba. Saƙon murya ta saki a guruf, mai tsawo, wai an mayar da mutane yara, wai dama ta san abin ƙauye ba ya tafiya daidai, ta fasa, kuma a ajiye mata atamfarta da ke wurina kar a taɓa. Na saurara har ƙarshe, na ce Allah ya ba ni haƙuri, don amsar da ta zo bakina ba ta guruf ba ce. Wata ma ta fasa, ita kam cikin mutunci. Na yi ta duba waya ina jiran sauran.

Ana kiran magariba Maman Ayo ta rubuto, ba a gefe ba, a tsakiyar guruf inda kowa zai gani: "Husaina, a cikin shida nawa na lamba ɗaya ki ba wasu uku, ki mayar mini da su lamba biyu, duk injin markaɗe za su. Mutumin da ya ƙirga ya ga bai kai ba ya dawo ya faɗa, ni wurinsa zan riƙa saye." Bayanta malamar makaranta ta ce su za su jira Talata. Sai wata da ban ma san ta ba ta ce a ba ta biyu daga ƙarin.

Da safiyar Juma'a a-kori-kura ta tsaya a bakin layinmu, Yaya a gaba kusa da direba, idanunsa jajaye don gajiya. Ya ɗaura wa kwandunan lamba ɗaya jan ƙyalle, na lamba biyu ba komai, dabarar da ni ban ma yi tunaninta ba. Aka jere su a ƙofar shago har suka tare wa mai wankin hula hanya, ya fito zai yi faɗa, ya ƙare da sayen kwando. Na tsayar da masu adaidaita biyu da na sani, na ba kowa sunaye da kwatance, ɗaya ya yi Tarauni da Daurawa, ɗaya ya yi Hotoro. Masu ɗauka da kansu suka riƙa zuwa. Wasu suka zura hannu har ƙasa suka duba, Yaya yana tsaye yana cewa, "Juye ma in kina so, Hajiya." Sai dai duk wadda ta zo sai ya gaishe ta tun daga iyali har gajiya, gaisuwar da aka hana shi a waya a nan ya fanshe.

Ba duka aka sayar ba. Kwando biyu na lamba biyu suka rage, ya ce zai koma da su a yanka a shanya a yi kauɗa. A gona ma akwai wanda ya riga ya lalace tun farkon mako, wannan ya tafi ke nan. Da ya zauna a benci yana shan ruwan leda, na so in tambaye shi maganar Alhaji Bello, na kasa. Ni da ba a raba ni da magana, ran nan tsoron amsar nake.

Ana shirin tafiya masallaci Maman Ayo ta leƙo, da ɗaurin kanta a karkace da ƙamshin albasa a jikinta. Ta ce kaya ya isa, ta gode, Talata ma a sa mata huɗu. Sannan ta ce, "Malam Lawan, in tumatir ya ƙare me za ka sa? Ni tattasai ne matsalata. Da damina sai in zaga kasuwa biyu ban samu mai kyau ba. In za ka yi, ni da wasu masu girki uku za mu riƙa ɗauka duk mako."

Na tsayar da keken ɗinki. Ban ɗago kai ba.

Yaya ya ajiye ledar ruwan. "Tattasai da damina wahala gare shi, Madam, ba ya son ruwa ya kwanta masa. Ta bakin kanal ba zai yi ba." Ya nuna gabas da hannu. "Amma akwai tudu ta gabas, wajen tsamiya, inda Baba yake sa barkono. In na tayar da kunyoyi masu tsayi a nan, zai yi. Sai dai a fara renon iri tun kafin ruwa ya sauka." Ya juyo wurina. "Husaina, ina ake sayar da iri mai kyau a garin nan? Na ƙauye ba na yarda da shi."

Nan na gane mai neman iri ba zai ba da gonar Baba jingina ba. Na sunkuya kamar ina neman allura a ƙasan keke, hawaye yana ɗiga a kan leshin mutane.

"Ke lafiya?" in ji Yaya.

Na ce, "Tashi ka tafi masallaci, za ka makara. In ka dawo na raka ka."